Yadda ake karɓar sabon ma'aikaci a magaza kafin ya taɓa buhun farko

A magazar da nake kula da ita a Yamai shinkafa da siminti da man girki muke ajiyewa, kuma ranar da babbar mota ta iso, ƴan dako goma muke sa wa aiki. Mota mai tan 30 buhu 600 ke nan na kilo 50. In aka raba, kowane mutum buhu 60 ne, wato tan 3 a wuyansa. Daga bakin mota zuwa inda ake tsibi mita 25 ne, zuwa da dawowa mita 50, ka ga kafin a gama mota ɗaya ya taka kilomita 3, rabinta da kaya a ka. Wannan lissafin nake fara yi wa duk yaron da aka kawo mini, don ya san cewa ƙarfin da yake taƙama da shi a buhu na farko ba shi zai kai shi buhu na 60 ba.

Karɓar sabon ma'aikaci ba ta cin fiye da awa ɗaya da rabi, kuma ba a zaune ake yin ta ba. A ƙafa ake yi, cikin magazar, da safe kafin mota ta shigo. Ga yadda nake bi.

Tun daga bakin ƙofa

Na fara da rubuta sunansa a takardar ranar, da lambar wayar wani nasa da za a kira in wani abu ya faru. Wannan takardar za ta sake fitowa a maganar gobara, don haka ko ɗan dako na yini ɗaya ne sai ya shiga cikinta. Sannan in dubi ƙafarsa. Mai silifa ba ya hawa katakon da muke jinginawa a bakin mota a wurina. Silifa tana zamewa in gumi ya jiƙa ta, tana kuma barin yatsu a fili ga ƙusar palet, wato katakon da ake jera kaya a kansa. In babu takalmin aiki mai ƙarfe a baki, aƙalla rufaffen takalmi mai kama ƙasa.

Ina kuma tambayarsa kai tsaye ko yana da ciwon baya, ko gwaiwa, ko an taɓa yi masa aiki a ciki. Da yawa sukan ce a'a don tsoron kada a kore su. Shi ya sa nake fara gaya masa cewa akwai aikin da ba na ɗauka ba: ƙirga, ɗinkin buhun da ya fashe, shara, turin kura. In ya ji akwai mafita, ya fi faɗin gaskiya.

Ɗaukar buhu

Nan ne muke daɗewa. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na zamani suna ɗaukar kilo 23 zuwa 25 a matsayin iyakar abin da mutum zai ɗaga shi kaɗai, shi ma in komai ya daidaita. Tsohuwar shawarar Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta 1967 ta tsaya a kilo 55 ga namiji baligi. Buhunmu kilo 50 ne, buhun albasar da ake lodawa a yankin Galmi kuma ya wuce haka nesa. Ba ni da ikon sauya girman buhu, amma ina da ikon hana mutum ɗaya ɗaga shi daga ƙasa. Dokar magazata ke nan ta farko: daga ƙasa zuwa kafaɗa, mutum biyu ne ke aza wa na uku.

Dalilin a bayyane yake in an nuna shi. Nakan ba yaron bidon mai na lita 20 in ce ya rungume shi a ƙirji, sannan in ce ya miƙa hannu ya riƙe shi nesa da jiki. Ba ya kai daƙiƙa biyar. Nauyin bai ƙaru ba, tazarar ce ta ƙaru, kuma duk lokacin da tazarar kaya da ƙugu ta ninka, abin da ƙashin baya ke ɗauka daga kayan shi ma ya ninka. Mutumin da ya duƙa da miƙaƙƙun ƙafafu ya jawo buhu daga ƙasa, ya haɗa nauyin buhun da nauyin gangar jikinsa ya ɗora a ƙasan bayansa.

Masu azawa biyu suna tsayawa kusa da buhun, ɗaya a kowane gefe, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ɗaya ta ɗan shige gaba. Su lanƙwasa gwiwa, ƙirji a ɗage, kowa ya kama kunnuwan buhu biyu na wajensa. Mutum ɗaya ne ke ba da murya, kuma tun farko a san wane ne. Ya ce "mu je", su miƙe tare da ƙarfin cinya, ba fizga. Mai ɗauka ya riga ya juya ya ɗan rage tsawo, buhun ya sauka a kafaɗarsa a hankali, ba a jefo masa ba. In daga cikin mota ake saukewa abin ya fi sauƙi, domin bakin motar ya kusa tsawon kafaɗa, na sama su jawo buhun zuwa baki, na ƙasa ya karɓa.

Kuskuren da na fi gani ga sababbi shi ne murɗa ƙugu. Yaro yana da buhu a kafaɗa, aka kira shi ko ya so ya juya wajen tsibi, sai ya juya gangar jiki ƙafafu suna nan a kafe. A nan baya ke tafiya. Ƙafa ce ke juyawa, jiki ya bi ta. Na biyu shi ne ƙoƙarin ceton buhun da ya fara zamewa. Nakan ce masa: "Ƙanena, in ya zame, sake shi ka ja da baya. Buhu in ya fashe muna da allura da zare." Sai na maimaita wannan sau biyu, don yaron da ke tsoron a cire masa kuɗin buhu a ladansa zai tare shi da bayansa. Wanda ke cire wa ma'aikata kuɗin fasasshen buhu, shi ke koya musu wannan ɗabi'ar.

Bayan bayani sai gwaji. Ina sa shi ya ɗauki buhu biyar a gabana, tare da tsofaffin hannu biyu, in tsaya a gefe ina kallon bayansa da ƙafarsa, ba fuskarsa ba. A makon farko rabin kason tsofaffi nake ba shi, buhu 30 maimakon 60, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40, cikin magaza mai rufin kwano kuma ya fi haka. Ruwa yana nan a randa kusa da ƙofa, ana sha kowane minti 20 ba sai an ji ƙishi ba. Da azumi kuwa mukan jawo sauke mota zuwa sassafe. Wanda ya fara jiri, ko ya fara magana ba kan gado, ko jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti.

Akwai maganar da ba a so a yi, amma ina yin ta: ƙwayar taramol. Wasu ƴan dako suna sha don kada su ji gajiya. Abin da take yi shi ne ta rufe bakin ciwo, mutum ya ci gaba da ɗauka a kan bayan da ya riga ya samu rauni, ga jiri a saman katako, ga farfaɗiya ga wanda ya sha da yawa. Wanda na ga alamarta a idonsa ba ya aiki ranar.

Ya kamata kuma ya san ciwon da ake haƙuri da shi da wanda ba a haƙuri da shi. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku ga sabon shiga ba abin tsoro ba ne. Amma ciwon da ya taso daga ƙugu ya gangara ƙafa ɗaya kamar wutar lantarki, ko ƙafa ta mutu, ko kumburi ya fito a matsematsi, wannan a ajiye aiki a ga likita. In ya kai ga fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, ba a jira gobe.

Tsibi da hanya

A taƙaice nake yin wannan, domin sabo ba ya jera tsibi shi kaɗai. Ina nuna masa cewa buhu ba ya kwanciya a ƙasa sai a kan palet, ana jera shi a sarƙe, layi ɗaya a tsaye na samansa a gicciye, don su riƙe juna. Tsakanin tsibi da bango muna barin wajen mita ɗaya da mutum zai zaga. In za a rage tsibi daga sama ake farawa, a bar shi kamar matakala. Wanda ya zaro buhu daga tsakiya don ya fi kusa da hannunsa, ya haƙa wa na bayansa rami. Tsibin da ya yi ciki ko ya karkata, a faɗa, kada a jingina da shi ana shan shayi.

Ƙofofin fita

Yanzu sai mu tafi can ƙuryar magaza, wuri mafi nisa da ƙofa, in ce masa: "Wuta ta kama a bakin babbar ƙofa. Fita." Ba na nuna masa hanya, ina bin sa a baya ina duba agogo. Yawancinsu sukan tsaya suna waige-waige, domin ta babbar ƙofa suka shigo kuma ita kaɗai suka sani. To a nan nake kai shi ƙaramar ƙofar baya, in sa shi ya buɗe ta da hannunsa, ya fita, ya taka har inda muke taruwa. Sannan mu koma wata kusurwa mu sake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙaramar ƙofar nan ita ce matsalar kusan kowace magaza da na shiga. Saboda tsoron sata ana sa mata kwaɗo, makulli yana aljihun maigida, maigida yana kasuwa. Babbar ƙofa kuwa ranar sauke kaya mota ce ke cike ta. Ka ga an rufe mutum goma sha biyu da buhunan leda da palet na katako da kwalayen mai, duk abincin wuta. Yadda muka sasanta da mai kayan: kowace safiya ni nake cire kwaɗon, ya rage sakata ta ciki da ake zarewa da hannu ɗaya, da yamma in mayar bayan an ƙirga mutane sun fita. Mun ja layin fenti a ƙasa daga ƙofar zuwa babbar hanya ta tsakiya, kuma ba a ajiye komai a cikin layin, ko "na minti biyar". Kayan minti biyar su ne ke kwana uku. Ta waje ma sai an duba, don na taɓa samun an jingina babura huɗu a bayanta. Saman kowace ƙofa akwai fitila mai batir da ke kamawa in wuta ta ɗauke, domin magaza ba ta da taga, duhunta da rana ma duhu ne.

Duk mazaunin Yamai da ya manyanta ya san cewa Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa kuma a 2012, don haka ba sai na tsorata kowa ba. Abin da sababbi ba su sani ba shi ne hayaƙi ya fi harshen wuta saurin kayar da mutum, balle hayaƙin leda. Hayaƙi sama yake taruwa, saboda haka a duƙe ake fita, hannu yana bin bango ko gefen tsibi. Ba a komawa ɗauko waya ko riga.

Wurin taruwarmu gindin bishiyar dogon yaro ne da ke gefen fili, nesa da ƙofar da motar ƴan kwana-kwana za ta shigo. A nan nake kiran suna daga takardar ranar. In ba a rubuta ɗan dako na yini ba, babu wanda zai san ya rage a ciki, ko kuma a tura mutum cikin hayaƙi neman wanda ya riga ya tafi gida. Lambar ƴan kwana-kwana `18` ce, a rubuce take a jikin ƙofa. Mai kira ya faɗi unguwa da wata alama da kowa ya sani, masallaci ko gidan mai, ya faɗi abin da ke ci, ya faɗi ko akwai mutum a ciki, sannan a tura yaro bakin titi ya tare su.

Tukunyar kashe gobara ina sa shi ya sauke ta daga bango ya ji nauyinta. Mai hoda ta kilo 6 ba ta kai rabin minti tana feshi, don haka ta wutar da ba ta fi kwandon shara ba ce. Iri biyu ne a gari. Akwai mai agogo, wadda allurarta ya kamata ta tsaya a kore, ita zare fil kawai ake yi a matsa. Akwai marar agogo, wadda bayan an zare fil sai an danna abin da ke huda ƙaramar kwalbar gas ta ciki, a jira ƴan daƙiƙu, sannan a fesa. Wanda bai san bambancin ba zai ce ta lalace ya yar. Ana tsayawa kamar taku uku ko huɗu daga wutar, ƙofa a bayanka, a nufi gindin wutar ana sharewa dama da hagu. In tukunya ɗaya ta ƙare wuta ba ta mutu ba, fita. Ba a zuba ruwa a wutar lantarki ko ta mai. Kuma a magazar hatsi akwai abu na uku: ƙwayar maganin ƙwari da ake sa wa tsibi a lulluɓe da tamfol. In ta jiƙa tana fitar da iska mai kisa da ke iya kamawa da wuta. Tsibin da aka lulluɓe aka liƙa masa takardar gargaɗi, sabo ba ya ɗaga tamfol ɗinsa, ba ya kuma kwana kusa da shi.

Ba da rahoto

Muna da littafi ɗaya mai kauri a kan teburin bakin ƙofa, da biro a ɗaure. Abu uku ke shiga ciki: rauni komai ƙanƙantarsa, ɓarnar kaya ko na'ura, da abin da ya kusa faruwa Allah Ya kiyaye. Na ukun shi ne mutane ba sa faɗa, kuma ta kansa na koyi darasi mai tsada.

Wata Talata muna sauke shinkafa, katakon da muke jinginawa a bakin mota ya ɗan ja baya a ƙarƙashin wani dattijo cikin ƴan dako. Ya dafe, bai faɗi ba, ya ce alhamdu lillahi, ya tura katakon da ƙafa ya ci gaba. Mutum uku sun gani, ba wanda ya gaya mini. Ranar Alhamis katakon nan ya zame gaba ɗaya da wani yaro da bai cika mako biyu da farawa ba, da buhu a kafaɗa. Ya karye a idon sawu, wata biyu bai taka ba. Da na tambayi dattijon me ya hana shi magana, sai ya ce: "Ɗana, abin da bai faru ba, me zan ce ya faru?" Ban ga laifinsa ba, domin ban taɓa gaya musu ina son jin irin wannan ba. Da muka duba, ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe katakon a bakin mota ce ta miƙe, gyaran da bai fi jika biyu ba a wurin mai walda.

Tun daga ranar nake karanta wa kowane sabo yadda ya kamata a ce an rubuta abin ranar Talata:

"Talata, ƙarfe 10 da minti 40, babbar ƙofa. Katakon sauke kaya ya ja baya kamar tafin hannu lokacin da mutum ke kansa da buhu. Ba wanda ya ji ciwo. Mutum uku sun gani. An tsayar da aiki, an duba, ƙugiyar hagu ta miƙe. An ajiye katakon, an kai walda. Za a sake dubawa kafin mota ta gaba."

Ka lura babu "saboda sakacin wane" a ciki. Rana da lokaci, wuri, abin da ake yi, abin da ya faru, wanda ya gani, abin da aka yi nan take, da wanda zai bi gyaran. In littafin ya zama na neman mai laifi, cikin wata ɗaya zai koma fari fat. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa mini da baki, in rubuta, in karanta masa, ya ce haka ne. Kuma duk abin da aka rubuta, da safe kafin a fara aiki ina faɗa wa kowa abin da aka yi a kansa, don in mutum ya yi magana sau biyu bai ga an motsa ba, ba zai yi ta uku ba.

In rauni ne, jeri yana da muhimmanci. A tsayar da aiki tukuna, don kada na biyu ya faɗa inda na farko ya faɗa. A danne jini da tsumma mai tsabta. Wanda ya faɗo daga tsibi ko daga mota yana kukan wuya ko baya, ba a ɗaga shi a zaunar, ba a kuma ɗora shi a babur, a kira motar asibiti a `15` ko ƴan kwana-kwana a `18`. A ɗauki hoton wurin kafin a kwashe komai. A asibiti a karɓi takardar likita ta farko da ke bayyana raunin, domin da ita ake bin hakki. Doka ta ɗora wa mai ba da aiki ya sanar da CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, haɗarin aiki cikin awa 48, kuma haɗarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida shi ma yana cikin lissafi. Shi ya sa nake ce wa sabo, ciwon da ka ji yau, yau nake so in ji. In ka tafi gida da shi ka dawo bayan kwana biyar kana ɗingishi, za a fara gardamar ko a magaza ka same shi ko a wajen ƙwallo. Ina kuma gaya masa tun ranar ko an yi masa rajista a asusun ko kuwa a matsayin ɗan yini yake, da wanda zai biya magani in ya ji ciwo, don kada a fara wannan cinikin yana kwance a gadon asibiti.

Kafin in sake shi, ni nake yin shiru shi ya yi magana. Ya nuna mini yadda zai aza wa wani buhu, ya kai ni ƙofar baya, ya faɗi lambar da zai kira, ya nuna littafin. In ya yi tuntuɓe a ɗaya, mu koma wurin. Sannan mu sa hannu a takardar karɓa mu biyu, in haɗa shi da tsohon hannu ɗaya da zai riƙa binsa har mako ya zagayo. Ranar Asabar in sake tsayawa a gefe in kalli buhunsa biyar, wannan karon da la'asar, lokacin da ya gaji.